Yadda Ake Koyar da Maddi da Gunna ga Masu Farawa, Tare da Jadawalin Bita

Shekarun da na fara koyarwa a Islamiyyar unguwarmu, abin da nake yi shi ne in cika allo da sunaye: muttasili, munfasili, lazimi, ikhfa'i, iƙlabi. Yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su rubuto min su tsaf. Sai na ce wa yaron da ya zo na ɗaya ya karanta min Fatiha, ya yi min "alhandu", ya ƙare da "waladdallin" a guje kamar ana korarsa. Daga ranar na juya tsarin. Yanzu kunne nake fara ba wa aiki, sai hannu, suna kuma ya zo daga baya. Abin da ke ƙasa shi ne yadda nake yi da ajin masu farawa, yara ne ko matan aure na ajin dare, a ruwayar Hafsu, da surorin izu biyun ƙasa, wato Amma da Sabbi.

Misalan na rubuta su da boko, na ninka wasali a inda ake ja, kamar "ƙaala". Wannan nuni ne kawai don ka gane wurin da nake nufi. A aji Mus'hafi za ku buɗe.

Kayan aiki

- Mus'hafi iri ɗaya a hannun kowa, zai fi kyau bugun Madina, saboda alamominsa za su yi maka rabin aikin. Idan babu isassu, juzu'in Amma na ƙananan littattafai ya wadatar, yara biyu su haɗu a ɗaya.
- Allo da alli kala biyu, ɗaya na maddi, wato jan sauti, ɗaya na gunna, wato sautin da ke fita ta hanci. Idan alli fari kaɗai gare ka, ja layi a ƙarƙashin maddi, ka kewaye gunna.
- Ƙaramin madubi. Idan babu, ɗalibai su zauna biyu-biyu suna kallon bakin juna.
- Waya mai naɗar murya. Ba dole ba ce, amma ɗalibi ya fi yarda da kuskurensa idan ya ji da kunnensa.
- Karatun makaranci ɗaya mai natsuwa, irin na koyarwa da Shehu Mahmud Khalil Husari ya yi. Ɗaya na ce. Idan ka haɗa musu makaranta uku, kowa da saurinsa, ma'aunin zai rikice musu.

Sai sharaɗin da ya fi kayan: kai kanka ka taɓa karanta waɗannan surori a gaban malami ya gyara maka. Kuma ɗaliban su riga sun san baƙi da wasali, sun san ɗauri da shadda. Wanda bai gama haɗa baƙi ba, a bar shi ya gama.

Mataki na 1: Kafa ma'auni

Duk tsawon ja ana auna shi da haraka. Haraka ɗaya ita ce lokacin da kake ɗauka ka furta baƙi ɗaya mai wasali, kamar "ba". Haraka 2 ita ce lokacin "ba-ba". Shi ke nan. Ba daƙiƙar agogo ba ce, domin mai karatu a hankali harakarsa ta fi ta mai sauri tsawo.

Bahaushe ya riga ya san dogon wasali da gajere, sai dai bai san ya sani ba. Nakan tambayi aji: "Wane gari ake tuwo da shi, wane gari ake zuwa a mota?" Su yi dariya, su faɗi biyun, su ji da kansu cewa na tuwo an ja "gaa", na mota ba a ja ba. To wannan bambancin shi ne tsakanin haraka 1 da haraka 2.

Daga nan kowa ya ɗora hannu a cinya. Mu buga a tare, bugu mai tafiya daidai: ba, ba, ba, ba. Sai mu ce "baa" a kan bugu 2, sannan a kan 4, sannan a kan 6. Minti biyar kullum a farkon darasi, har mako guda. Wasu malamai da naɗe yatsa suke aunawa, kowane yatsa haraka ɗaya. Yana aiki, amma na lura yara sukan naɗe yatsun farko a hankali su kwashe na ƙarshe da gudu idan numfashi ya fara ƙarewa. Bugun cinya da aji duka ke yi tare ba ya barin mutum ya yi wannan satar.

Mataki na 2: Ja na asali, haraka 2

Haruffan ja uku ne: alif bayan fataha, wawu mai ɗauri bayan rufu'a, ya mai ɗauri bayan kisira. Ƙaala, yaƙuulu, ƙiila. Idan babu hamza ko ɗauri a bayansu, haraka 2 ake ja, ba ƙari ba ragi. Shi ne maddi ɗabi'i.

Kada ka raina wannan matakin, a nan yawancin ɓarnar take. Kuskuren iri biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne. Na farko cinye jan: "iyyaka" maimakon "iyyaaka". Na biyu ƙirƙiro ja inda babu, musamman don a gyara waƙar karatu: "na'abuduu" maimakon "na'abudu", ko "maalikin naas" a Suratun Nasi, alhali can "malikin naas" ne, mim ɗin gajere. Yaro ya saba da "maaliki yaumid diin" na Fatiha, sai ya ɗauko shi ya kai can.

Abin da nake yi shi ne karatun tagwaye. In rubuta kalma biyu a allo, ɗaya da ja ɗaya babu, in faɗi ɗaya, su nuna wadda na faɗa. Sai sun iya bambancewa da kunne sannan su fara faɗa da baki.

Akwai gwaji ɗaya da za ka koya musu tun yanzu domin zai yi amfani har ƙarshe: toshe hanci. Ɗalibi ya matse hancinsa da yatsu biyu ya ce "ƙaaa". Idan sautin bai canza ba, jan ya fito ta baki, daidai ne. Idan ya ji sautin ya shaƙe, to yana zuba jan ta hanci. Wannan cuta ce mai yawa ga masu kwaikwayon muryar wani makaranci, kuma idan ta zauna tana da wuyar fita.

Mataki na 3: Ja saboda hamza, haraka 4

Yanzu a nuna musu alamar nan mai kama da igiyar ruwa da ke saman harafi. Ma'anarta: a nan ja ya wuce 2. Su buɗe Suratun Nasri da Kausar da Kafirun, su nemo ta da yatsa kafin a karanta komai.

Idan harafin ja da hamza suna cikin kalma ɗaya, muttasili ne: "jaa'a", "wassamaa'i". Idan harafin ja yana ƙarshen kalma, hamza tana farkon ta gaba, munfasili ne: "innaa a'aɗainaaka", "laa a'abudu". A Hafsu ta hanyar Shaɗibiyya, wadda ita ce aka fi koyarwa a Islamiyyu, duka biyun ana jan su 4 ko 5. Ni 4 nake zaɓa wa masu farawa, kuma ba na gaya musu akwai 5 sai sun yi nisa. Abin da ake nema shi ne daidaito: wanda ya ja 4 a ayar farko ya ja 4 har ya rufe Mus'hafi.

Abu biyu za su tambaye ka, gara ka shirya. Na ɗaya, "yaa ayyuha": a rubuce a haɗe take kamar kalma ɗaya, amma "yaa" daban "ayyuha" daban, don haka munfasili ce. Na biyu, wani zai ce ya ji limamin Harami bai ja munfasili ba. Gaskiyarsa, akwai hanyar da ake karanta shi da haraka 2, amma tana da nata ƙa'idojin da ke tafiya tare da ita. Ka ce masa hanya ce ingantacciya, ba ita muke bi a wannan ajin ba.

Sai ka lura da tsayawa. Munfasili yana rayuwa ne idan an sadar da kalmomin biyu. Wanda numfashi ya yanke masa ya tsaya a kan kalmar farko, hamza ba ta zo ba, ja ya koma 2.

Mataki na 4: Ja saboda ɗauri

A nan harshenmu yake yi mana gardama, kuma sanin dalilin zai sauƙaƙa maka. Hausa ba ta barin dogon wasali ya zauna a gaɓar da baƙi ya rufe. Ka ce "gida", ƙarshen a ja yake. Ka ce "gidan", ya gajarce da kansa. Don haka idan Bahaushe ya ga "naas", bakinsa "nas" yake so ya ce, idan ya ga "daalliin" sai ya mai da ita "dallin". Ba sakaci ba ne, sabon harshe ne, kuma da bugun cinya ake karya shi.

Fara da lazimi, domin ba shi da zaɓi: harafin ja, bayansa shadda ko ɗauri na dindindin, haraka 6. Misalansa a inda suka sani kaɗan ne, "waladdaalliin" a Fatiha, "assaakhkha" a Abasa, "aɗɗaammatul kubraa" a Nazi'at. Ka raba kalmar gida biyu. Su ja "daa" a kan bugu 6, su tsaya. Su sake, wannan karon su faɗa kan lam mai shadda su riƙe ta. Kuskuren da ke biyo baya shi ne a cika 6 ɗin amma a saki shaddar, ta zama lam ɗaya. Ga masu ƙaramin numfashi, ka koya musu su cika ƙirji kafin "gairil magduubi".

Sai arili, jan da ke zuwa saboda an tsaya a ƙarshen aya: "aalamiin", "rahiim", "naas". Ana iya 2, ko 4, ko 6. Nan ma zaɓi ɗaya za ka yi musu, ni 4 nake sa su. Abin da ba na bari shi ne a ja ayar farko 2, ta biyu 6, ta ƙarshe kuma a sake ta sai inda numfashi ya ƙare.

Ƙanensa shi ne lini, wawu ko ya mai ɗauri bayan fataha, idan an tsaya: "ƙuraish", "wassaif", "bait", "khauf". Suratu Ƙuraish duk ayoyinta 4 da shi suka ƙare. Shi ma 2, 4 ko 6 ne, sai dai ba a sa shi ya fi arili tsawo. Idan an wuce ba a tsaya ba, babu ja.

Ɗan ƙarin da nake sakawa a nan, tunda maganar tsayawa ake: fataha biyu a ƙarshen aya yawanci tana komawa alif, haraka 2 kacal. "Afwaajaa", "tawwaabaa". Yara suna son jan wannan sosai saboda ƙarshen aya ne. A hana su.

Mataki na 5: Gunna a nun da mim masu shadda

Kada ka fara gunna sai ja ya zauna, aƙalla mako uku. Gunna sauti ne da ke fita ta hanci, yana tare da nun da mim. Inda ya fi cika shi ne idan suna da shadda: "inna", "summa", "amma", "annaas". Ana riƙe shi gwargwadon haraka 2, amma gaskiyar magana daga bakin malami ake ɗaukar tsawonsa, bugun taimako ne kawai.

Gwajin hanci ya dawo, amma a juye. Ɗalibi ya ce "innn" ya toshe hanci. Sautin ya kamata ya mutu nan take. Idan bai mutu ba, ba gunna yake yi ba.

Kuskuren da za ka fi ji shi ne jan wasalin da ke kafin nun maimakon riƙe nun ɗin: "iinna" maimakon "inna". Yaro ya ji an ce a daɗe a wurin, sai ya daɗe a kan wasali. Maganinsa ka ce ya yi sauri ya kai harshe dasashi, can zai zauna. A mim kuma ya yi saurin rufe leɓe.

Suratun Nasi ita ce filin wannan darasi. Ka sa su ƙirga nun mai shadda da kansu. Za su samu 7: "annaas" sau 5, "khannaas", da "jinnati". Kusan kullum "jinnati" ce ake mantawa, a ƙirga da kuma a karatu, domin tana tsakiyar aya kuma ido ya riga ya hango ƙarshen sura.

Mataki na 6: Nun mai ɗauri da tanwini

Littattafai da izhari suke farawa, ni ma da shi nake farawa, amma dalilina daban ne: shi ya fi ba Bahaushe wahala, ko da yake shi ake ɗauka mai sauƙi.

Ka ce "ɗan'uwa" a hankali, ka lura da inda harshenka yake a kan nun ɗin. Bai taɓa dasashi ba, baya ya koma, sautin ya tafi hanci. Haka muke yi wa nun kafin hamza da ha, haka kuma a ƙarshen magana, kamar "nan" da "can". Wannan sabon shi muke kaiwa cikin "an'amta" da "wanhar" da "min khauf", har da ƙarshen "aalamiin". Izhari kuwa yana son nun tsantsa: kan harshe ya taɓa dasashin sama, ya tashi, ba riƙewa, ba kuma yin shiru tsakaninta da harafin gaba. Haruffansa 6 ne, duka na maƙogwaro: hamza, ha mai sauƙi, ain, ha mai ƙarfi, gain, kha. A nan madubi yake aiki. Ɗalibi ya buɗe baki kaɗan ya ga kan harshensa ya hau sama. Wata baiwar Allah a ajin dare, ta haura shekara hamsin, ta yi kwana uku tana fama da "an'amta". Ranar da ta gani a madubi ta ce, "Malam, ashe duk shekarun nan harshena bai taɓa zuwa wurin ba." Na ce mata, "Hajiya, nawa ma sai da aka nuna min."

Iƙlabi kuwa kyauta ne, domin muna yin sa kullum. Muna rubuta "gidan biki" amma "gidam biki" muke faɗa. Nun ta haɗu da ba, ta koma mim. Abin da za a ƙara kawai shi ne riƙe gunna: "mim ba'adi", "layumbazanna". A Mus'hafi za su ga 'yar ƙaramar mim a saman nun. Kada a matse leɓe da ƙarfi. Malamai sun saɓa kan ko leɓɓan za su haɗu a hankali ko a bar 'yar kafa, kai dai ka koyar da yadda aka karantar da kai.

Idgami shi ne nun ta narke cikin harafin gaba. Da ya, nun, mim, wawu ana yin sa da gunna: "famay ya'amal", "lahabiw wa tabb", "hablum mim masad". Da lam da ra babu gunna ko kaɗan: "wa lam yakul lahuu", "wailul likulli". A kan wawu da ya yara sukan yi ɗayan biyu, ko su bar nun ɗin a fili, ko su narkar da ita su manta hanci. Gwajin toshe hanci zai nuna: sautin ya kamata ya ragu ya canza, domin rabinsa ta hanci yake bi. Kuma idgami sai tsakanin kalma biyu. "Dunyaa" a Sabbi kalma ɗaya ce, nun ɗinta a fili take.

Sauran haruffa 15 na ikhfa'i ne. Ban taɓa sa masu farawa haddace su ba. Nakan ce: idan ba na maƙogwaro ba ne, ba harafin "ba" ba ne, ba na idgami ba ne, to ikhfa'i ne. Yadda ake yin sa: harshe ba ya manne wa wurin nun, yana matsawa kusa da wurin harafin da ke zuwa, a riƙe gunna, sannan a furta harafin. Ka sa su faɗi "min sharri", "min juu'in", "antum", "insaan" a jere, su ji yadda bakin ke sauya shiri a kowanne. Idan harafin gaba mai kauri ne, kamar sad a "an salaatihim", gunnar ma takan yi kauri. Kuskuren "iinna" yana dawowa nan da sabuwar riga: "kuuntum" maimakon "kuntum".

Idan Mus'hafinku bugun Madina ne, nuna musu wannan sirrin. Nun mai alamar ɗauri a kanta, izhari ce. Nun tsirara, ba komai a kanta, ko idgami ko ikhfa'i. Tanwinin da wasullansa biyu suka hau kan juna daidai, izhari ne, wanda suka goce wa juna kuwa idgami ne ko ikhfa'i.

Mataki na 7: Mim mai ɗauri

Wannan gajere ne. Mim ta haɗu da mim, a haɗe su da gunna: "aɗ'amahum min". Ta haɗu da ba, a ɓoye ta da gunna: "tarmiihim bi hijaaratin". Da sauran haruffa a bayyana ta, leɓe ya rufe ya buɗe ba jinkiri.

Wurin lura biyu ne. Kafin wawu da fa, kamar "diinukum wa liya" da "kaidahum fii", mim takan so ta ɓace saboda duk a leɓe suke. Sai kuma namu na gida, mai da mim nun kafin dal ko ta: "alhandu", "an'anta", "alan tara". Madubi kawai: idan leɓe bai rufe ba, mim ba ta fito ba.

Jadawalin bita

Wannan nake rubutawa a babbar takarda in manna a bango. Layi ɗaya ko biyu a rana, daga Asabar zuwa Laraba, cikin mako biyu an zagaye shi, sai a sake.

| Abin da ake bita | Misali | Sura | Tsawo | Abin da malami zai saurara |
|---|---|---|---|---|
| Ja na asali | a'uuzu, ilaahi, fii | Nasi | 2 | kada a cinye, kada ya bi ta hanci |
| Muttasili | jaa'a, shitaa'i | Nasri, Ƙuraish | 4 | hamza ta fito bayan jan |
| Munfasili | innaa a'aɗainaaka, laa a'abudu | Kausar, Kafirun | 4 | ya yi daidai da muttasili |
| Lazimi | waladdaalliin | Fatiha | 6 | kada shadda ta faɗi |
| Arili da lini | aalamiin, khauf | Fatiha, Ƙuraish | 4 | ƙarshen ayoyi su zo daidai |
| Nun da mim masu shadda | annaas, jinnati, amma | Nasi, Naba'i | gunna 2 | kada a ja wasalin baya |
| Izhari | an'amta, wanhar | Fatiha, Kausar | babu riƙo | harshe ya taɓa dasashi |
| Idgami da gunna | lahabiw wa tabb | Masad | gunna 2 | hanci na aiki |
| Idgami ba gunna | yakul lahuu | Ikhlas | babu riƙo | nun ta ɓace gaba ɗaya |
| Iƙlabi | layumbazanna | Humaza | gunna 2 | kada a matse leɓe |
| Ikhfa'i | min sharri, antum | Falaƙ, Kafirun | gunna 2 | harshe bai manne ba |
| Mim mai ɗauri | tarmiihim bi, alam tara | Fil | ta farko 2, ta biyu babu | leɓe ya rufe |

Yadda ake bin kowane layi: malami ya faɗa sau 3 suna saurare, aji ya maimaita sau 3 da bugun cinya, sannan ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tsaya a karatun taro. A cikin murya talatin, yaro goma za su iya ɓuya shekara guda ba ka sani ba. Idan ajin ya yi yawa, ɗauki mutum shida kullum ka riƙa juyawa. Kuma kuskure ɗaya ake gyara wa ɗalibi a zama ɗaya, wanda ya shafi layin ranar. Idan yau ranar muttasili ce ya yi kuskuren ikhfa'i, ka rubuta a littafinka ka bar shi sai ranarsa.

Mataki na 8: Haɗa su a aya ɗaya

Jarrabawata ta ƙarshen zango aya ɗaya ce, ta ƙarshen Suratu Ƙuraish: "allazii aɗ'amahum min juu'in wa aamanahum min khauf". Ga yadda nake bin ta da ɗalibi.

"Allazii aɗ'amahum": ya mai ja, hamza a kalmar gaba, munfasili, bugu 4. "Aɗ'amahum min": mim ta haɗu da mim, gunna ta farko. "Min juu'in": nun kafin jim, ikhfa'i, gunna ta biyu. A nan sai na tsaya in tambaya, "juu'in" nawa za a ja? Da yawa sukan ce 4, sun ɗauka hamza ce a bayan wawu. Ain ce, don haka 2 ne, kuma ba za su ga igiyar ruwa a kanta ba. Sai tanwini ya haɗu da wawu, "juu'iw wa", gunna ta uku. "Aamanahum": hamza ce ta riga alif, a Hafsu 2 ne. "Aamanahum min": gunna ta huɗu. Sai tarkon: "min khauf". Bayan gunna huɗu a jere, hanci ya saba, ɗalibi zai so ya yi ta biyar. Kha ta maƙogwaro ce, nun a fili take. Sannan a rufe da lini a "khauf", daidai da yadda ya ja "ƙuraish" da "wassaif" da "bait".

Nakan naɗi muryarsa, in kunna masa, in ba shi alli ya je allo ya kewaye inda ya ji gunna a karatun nasa. Idan ya kewaye huɗu kuma ya bar "min khauf", sai in fara gaya masa sunayen hukunce-hukuncen ya rubuta a littafi.

Idan ɗalibinka daga makarantar allo ya zo

Da yawa za su zo maka da Warshu a bakinsu, domin ita ce ruwayar tsangayunmu tun da. Kada ka ce masa karatunsa kuskure ne. A Warshu muttasili da munfasili duka 6 ake ja, irin "aamanahum" kuma ana iya jan ta 2 ko 4 ko 6, kuma "maliki yaumid diin" yake karantawa ba ja. Za ka ji ya ce "ƙula'uuzu", ya ɗauke wasalin hamza ya ɗora wa lam, wannan ma ƙa'idarsu ce. Gunna da yawancin hukuncin nun da mim kuwa ɗaya ne, don haka layukan ƙasa na jadawalin za su yi masa aiki yadda suke. Abin da za ku yanke tun ranar farko shi ne wace ruwaya zai yi a ajinka. Idan Hafsu ce, layin muttasili da munfasili za ka fi tsayawa da shi, domin bakinsa ya saba da 6, sai ka yi ta dawo da shi 4 da bugun cinya. Idan kuma iyayensa Warshu suke so ya ci gaba da ita, kai kuwa ba ka karance ta a gaban malami ba, ka haɗa shi da alaramman da ya iya ta, ka riƙe shi a darasin gunna kawai.